Labarin wanke hannu ga 'yan aji biyu: a sa dodanni ko a bar su?

Malama Rabi, Unguwar Rogo, Jos: Assalamu alaikum. An ɗora mini rubuta gajeren labari da za a karanta wa 'yan aji biyu ranar 15 ga Oktoba, Ranar Wanke Hannu ta Duniya. A labarin, Bala ya fito daga bayan gida, ya tsoma hannu a kwanon ruwan da yayyensa suka riga suka wanke nasu, sannan ya gutsuri tuwo ya ba ƙanwarsa Ummi a baki. Bayan kwana biyu Ummi ta kwanta da gudawa. Tambayoyin da zan yi wa yaran bayan labarin uku ne: wa ya ba Ummi tuwo, me ya same ta, kuma me ya kamata Bala ya yi? Abin da ya tsaya mini shi ne ko in kwatanta ƙwayoyin cuta da ƙananan dodanni masu haƙora, ko in ce halittu ne da ido ba ya gani.

Baban Sadiq: Malama, ki kai shi wajen masu buga takardu na Terminus, naira 50 ne shafi ɗaya.

Maman Iman: Naira 100 na biya makon jiya, sai dai idan sanayya suka yi maka. Malama kuma ba ta tambayi kuɗin bugu ba.

Anti Saratu, ma'aikaciyar lafiya: Ki bar dodannin, Malama. Yaro ɗan shekara bakwai zai duba tafinsa, ya ga babu dodo, ya yanke hukuncin cewa hannunsa tsaf yake, alhali abin da kike so ya gane shi ne hannu yana iya ɗauke da cuta ko da babu datti a ido. Kafin karatun, ki shafa wa yaro ɗaya man gyaɗa da ɗan garin gawayi a tafi, ya gaisa da abokinsa, shi ma ya gaisa da na gaba, su ga inda baƙin ya kai. Daga nan ɗaya ya ɗauraye da ruwa zalla, ɗaya kuma ya cuɗa da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce, a zuba masa ruwa daga buta. Tambayoyinki biyu na farko haddar labari kawai suke aunawa. Ki tambaye su dalilin da ya sa Ummi ta kamu alhali Bala ya taɓa ruwa. Wanda bai ambaci kwanon tarayya ko rashin sabulu ba, bai fahimta ba.

Malam Idi, Gangare: Shekaruna a aji sun fi shekarun wasu a duniya, kuma ban taɓa ganin yaro ya riƙe labarin da babu abin tsoro a ciki ba. Aikin asibiti daban, aikin allo daban. Sannan ai sabulu kashe ƙwayoyin yake yi nan take, menene na ƙirga daƙiƙa?

Anti Saratu: Allah ya ƙara girma, Malam, amma babban aikin sabulu shi ne ɓamɓare maiƙo da dattin da ƙwayoyin ke maƙale a ciki, ruwa ya tafi da su, shi ya sa cuɗawar take buƙatar lokaci.

Baban Sadiq: Idan dodon zai sa Sadiq ya daina goge majina da hannun riga, ni a zana shi da ƙaho biyu.

Maman Walid, Rikkos: Ni ƙarshen labarin ne ya dame ni. Bara an karanta wa ɗana irinsa a makarantarsu, ba a yi wata guda ba ƙanwarsa ta kamu da amai da gudawa, muka kwana asibiti ana ƙara mata ruwa. Yaron ya daina cin abinci, yana kuka yana cewa shi ya jawo, domin ya ba ta ƙosai da hannunsa. Abin takaicin kuma, makarantar da ta koya masa hakan ba ta da ko bokitin ruwa a bakin bayan gida, ga kuɗin tsafta da suke karɓa duk zango. Idan Ummi za ta yi ciwo, ki nuna ta warke, kuma kada kowa ya zagi Bala.

Maman Iman: Allah ya ƙara mata lafiya. Mu ma haka makarantarmu take, famfo ya bushe, jarka naira 200 a wajen mai ruwa. Ga sanyin Disamba a Jos, yaro gudun ruwa yake da safe ko da akwai shi.

Malam Idi: A unguwarmu 300 ce, kuma wa zai riƙa saye wa aji mai yara fiye da sittin?

Malama Rabi: Na gode, zan gyara ƙarshen da tambayar. Maganar dodanni kuwa har yanzu ban tsayar ba. Anti Saratu, idan aka rataye galan mai ƙaramar huda a bakin aji, zai wadatar da yara kafin tara?

Maman Walid: A fara tambayar shugabannin makarantu inda kuɗin tsaftar yake zuwa tukuna.