Wane suna za mu sa wa abin da ya rage bayan an cire bashi?

Abdul-Mumin, Aboabo

Assalamu alaikum. Kalma ɗaya nake nema. Duk ƙarshen Disamba nakan zauna da yayata, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetiya ta Kumasi, mu raba shafin littafi biyu: a dama abin da take da shi, a hagu abin da ake bin ta. Sai mu cire na hagu daga na dama, mu rubuta abin da ya rage a ƙasa. Ma'aikatan banki suna ce masa "net wof". A littafinmu kuwa ba shi da suna, layi biyu kawai nake ja masa, abin kuma yana damuna, don Yaya ba ta jin daɗin lissafin da ba za ta iya kiran sunansa ba.

Ga na ƙarshen 2023 don ku ga abin da nake nufi. Atamfar da ke shago ta sidi 62,000, kuɗin banki da na waya 9,500. Tana bin mutane sidi 14,000, amma 4,000 suna hannun waɗanda ko wayarta ba sa ɗauka, don haka 10,000 muka rubuta. Ta biya hayar ɗaki gaba, saura wata 18 a kan 500, wato 9,000. Dama ta tashi 90,500. A hagu, mai kawo mata kaya daga Lome yana bin ta 28,000, sannan ta riga ta kwashi adashi alhali saura zubi takwas na dubu-dubu, 8,000 ke nan. Hagu 36,000. Abin da ya rage 54,500. Wannan adadin nake nema wa suna.

Hajiya Lami, Alabar

Ɗana, ai jari ke nan. Tun muna yara uwar kuɗi muke cewa. Me ya kai ka banki neman suna?

Abdul-Mumin

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Jari shi ne abin da ke juyawa a shago. Jarin Yaya ya haura dubu sittin, amma dubu 28 a ciki na mutumin Lome ne. Kuɗin hayar ɗakinta kuma ba jari ba ne, ga shi ya shiga lissafin.

Malam Shu'aibu, Asawase

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, sunan ne dai ba mu tsayar ba. Idan mutum ya rasu, ba a raba gado sai an yi masa sutura an biya bashinsa. A zakka ma, ɗan kasuwar da kayansa ke juyawa kullum yakan tsayar da wata guda a shekara, ya yi wa hajarsa kuɗi a farashin ranar, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa. Kusan abin da kuke yi ke nan. Sai dai kada a ce lissafin zakka ne, don zakka ba ta shiga gidan da kake ciki ko motar hawanka, naku kuwa yana ɗaukar komai. Ni zan ce "dukiya bayan bashi". Ba ta da ado, amma wanda ya ji ba zai tambaye ka ma'ana ba.

Faruk, Nima

Malam, ta yi tsawo. "Tsabar dukiya" fa? Kamar tsabar hatsi, an sussuke, an sheƙe, ƙaiƙayi ya tafi. Bashi shi ne ƙaiƙayin. Ni nawa lissafin a waya yake: motata da na saya 85,000, saura 30,000 ban biya ba, tsabata 55,000.

Anti Zuwaira, Mamobi

Faruk, hoton hatsin ya yi kyau, amma kunne zai kai mu wani wuri. Kowa ya san tsabar kuɗi, kuɗin da ke hannu. Ka ce wa Hajiya "tsabar dukiyarki", za ta ƙirga abin da ke jakarta ta bar fili da haja. Kuma in aka ce "saboda tsabar dukiya", yawa ake nufi.

Motarka kuma, kuɗin da ka saya ba shi ake rubutawa ba. Abin da za a ba ka in ka kai ta kasuwa yau shi ne nata. In ta yi shekara uku tana bin ramukan Akara, tambayi masu sayar da mota biyu ka ɗauki na ƙasa.

Abdul-Mumin, na ji daɗi da ka sa adashin a hagu. Aikin lissafi nake yi, kuma a nan na fi ganin mutane suna ruɗin kansu: wadda ta kwasa da wuri takan ga kuɗi a hannu ta ɗauka ƙaruwa ce, alhali bashi ne sai ta gama zubi. Wadda ba ta kwasa ba tukuna, zubinta a dama yake. Amma faɗa min, nawa ya rage mata a ƙarshen 2022?

Abdul-Mumin

Sidi 47,000, Anti. Ta ƙaru da 7,500, wajen kashi 16 cikin ɗari. Ta yi murna sosai.

Anti Zuwaira

Ba na son ɓata mata rai, amma a Disambar 2023 tsadar kaya a Gana ta tashi da kashi 23.2 cikin ɗari a kan ta Disambar 2022. Kafin kuɗinta su sayi abin da 47,000 suka saya, sai sun kai wajen 57,900. Ke nan adadi ya hau, ƙarfin ya ɗan sauka. Hanya mai sauƙi a wurinta: kusa da adadin, ku rubuta turmi nawa na atamfa iri ɗaya zai saya a ranar. Turmin ku riƙa kwatantawa shekara da shekara. Kuma kada ku canza ma'auni. In bara a farashin sari kuka yi wa haja kuɗi, bana kuka yi a farashin sayarwa, za ku ga ribar da babu ita.

Baba Issaka, Sabon Zango

Ni dai tambayata daban ce. Gidanmu na gado mu goma sha ɗaya ne a kai, ba a raba ba, ba kuma mai sayarwa. In na sa kasona, ni mai arziki ne. In na cire, bashin da ke kaina ya fi abin hannuna. Wace kalmarku ce za ta ɗauki wannan? Ana cewa dukiya ta yi ƙasa da sifiri?

Malam Shu'aibu

Baba, malamai suna cewa bashi ya kewaye dukiyarsa. Shi ya sa nake son kalmar bashi ta fito a sunan. A irin wannan shekara sai a juya: "bashi bayan dukiya", a rubuta adadin da jan biro.

Anti Zuwaira

Gidan kuwa, Baba, ni zan rubuta shi a gefe, ba cikin jimla ba, tunda ba za ka iya sayar da kasonka ka biya kowa ba. Na san wasu abokan aikina za su ce a saka, mallakarka ce.

Hajiya Lami

Gidan uba ba ya shiga littafi, ko a gefe.

Faruk

To "zallar dukiya" fa? Zalla ba ta da matsalar tsaba.

Abdul-Mumin

Na karanta wa Yaya duka. Ta ce "zallar dukiya" ta fi daɗi a baki, amma in shekara ta yi muni ba ta san yadda za a faɗe ta ba. Bana zan rubuta ta Malam a kan layin, in buɗe sabon gurbi na turmi kamar yadda Anti ta ce. Mu ma muna da kaso a gidan kakanmu a Yalwa, kuma har yanzu ni da ita ba mu daidaita a kan inda za mu sa shi ba.