Shirun da ke biyo bayan labarin rasuwa: yaya kuke rubuta shi?

Marubuciya, Gusau: Salamu alaikum. A wasan rediyonmu ɗan aike ya zo ya faɗa wa Inna ɗanta ya rasu. Na rubuta SHIRU kawai. Da aka sa wasan, masu sauraro suka ɗauka batir ne ya mutu. Ina kuskuren?

Mai haɗa sauti, Ƙaura Namoda: Hajiya, kalma ɗaya kika ba edita, shi kuwa ya goge komai. Shirun wasa ba ya zama fayau, sai an bar wani abu yana numfashi a ƙasa. Ga yadda ake rubutawa:

KIƊA: gurmi a ƙasan magana, ya yanke kaf a kan kalmar "rasu".
SAUTI: iskar tsakar gida ta ci gaba, daƙiƙa 3. A ta 2, ludayi ya faɗi.
KIƊA: ya dawo a hankali bayan salatin Inna, ya ɗauki daƙiƙa 4 kafin ya cika.

Ki ɗaura umarnin a kan kalma, ba a kan minti ba, don da an rage layi ɗaya a gaba duk lissafin ya goce. Iskar nan kuma ranar ɗauka ake naɗarta: kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30, a wurin, da makirufon da aka yi aikin.

Ɗalibi, Talata Mafara: Ni a ganina nan ne wurin ɗaga goge, daidai lokacin da take "Innalillahi". Mutane za su yi kuka.

Mai haɗa sauti: Ƙanena, ɗagawar daidai ne, lokacin ne ba daidai ba. Goge da sarewa suna zaune inda muryar mutum take, sai su cinye kalmomin, balle a lasifikar waya. Muddin ana magana, kiɗa ya zauna ƙasa da murya da kamar desibel 15 zuwa 20. Sai ta rufe baki ya tashi.

Wani daga Tsafe: Mu janareta ne ke shiga mana. Wace manhaja ke cire shi?

Marubuciya: Malam, ba shi nake tambaya ba, amma ku nisanta shi tun kafin ɗauka.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Gusau: Tambayarsa ba ta ɓata ba. Na'urar daidaita ƙara ta gidan rediyo tana ɗago duk abin da ya yi ƙasa, saboda haka gurnanin da ba ki ji a sutudiyo ba, cikin shirun zai fito fili. Kuma yaro, ban yarda da yankewa kaf ba. Gurmin ya janye tun ɗan aike yana sallama. Kunne zai san ba lafiya kafin baki ya faɗa. Daƙiƙa 3 ma ta yi kaɗan, uwa ce fa. A ba ta 5.

Mai haɗa sauti: Baba, 5 a fim ne, inda fuska ke riƙe mai kallo. A rediyo hannu ya kai kan maɓalli.

Marubuciya: Zan sa a haɗa duka biyun, mu saurara a ƙaramar rediyo ranar Asabar.