Rijiya a waƙa takwas: labari ne ko maimaici?

Sadiya Kumo: Ƙanina yana haɗa albam mai waƙa takwas a Gombe, kan saurayin da ya bar Dukku ya tafi ci-rani. Kowace waƙa akwai rijiya a ciki. Furodusa ya ce wannan kaɗai ya isa ya ɗaure su su zama labari ɗaya. Gaskiya ne?

Malam Habu: Bai isa ba, ƙanwata. Rijiyar da ta fito sau takwas da kama ɗaya ado ce kawai. Sai ta riƙa sauyawa yadda halin yaron ke sauyawa. A waƙa ta farko uwa ta miƙa masa sabuwar igiyar guga, tana ƙanshin kaba. A ta huɗu, yana birni ya daina aike gida, igiyar ta fara tsinkewa sili-sili a bakin rijiya. A ta shida guga ya faɗa, ranar da saƙon rasuwar uban ya iso. A ta takwas ya dawo yana lalube da ƙugiya. Sau huɗu ke nan, sauran waƙoƙin a bar su su huta. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ku saurara daga ta takwas zuwa ta farko. In ba ku ji wani abu ya lalace ba, babu labari.

Ɗanjuma Tudun Wada: Malam, ai amshi ne ke ɗaurewa. A sa amshi ɗaya a duka takwas, shi ke nan.

Malam Habu: Ka kusa, amma kafin ta uku kunne ya gundura. A dawo da amshin farko a waƙar ƙarshe kaɗai, kari ɗaya, amsa-amo ɗaya, a sauya kalma biyu: inda aka ce “zan ja”, a ce “na rasa”. Mai sauraro zai tuno muryar uwar da kansa.

Hajiya Binta: Ni ban yarda da gwajin nan ba. Wa ke jin albam a jere? Waƙa ɗaya ake tura wa mutum ta WhatsApp. Wanda ya fara da ta shida bai san igiya ba balle uwa. Dole kowace waƙa ta tsaya da ƙafarta.

Isa mai kiɗa: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Waya takan jera waƙoƙi bisa harafin farko, sai rasuwa ta riga tafiya. A sa 01 zuwa 08 a gaban sunan kowace. Sannan busar sarewa ta daƙiƙa goma ta biyo duk inda igiya ta fito, a ta shida a yanke ta a tsakiya.

Hajiya Binta: Wanda bai ji busar cikakkiya ba, ta yaya zai san an yanke ta?

Malam Habu: Ba zai sani ba, Hajiya. Baitin farko na ta shida ya sake nuna hannun uwar riƙe da igiya, ɗango biyu, kada ya wuce haka.

Hajiya Binta: Ɗango biyu ba za su ɗauki nauyin waƙa biyar ba, Malam.