Takardar sanarwa ɗaya, oga na so ta tafi rediyon gida da kafafen waje, ya zan fassara ta?

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya ɗau zafi. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar agaji a Dutse, asali ni aka ɗauka in riƙa rubuta rahoton wata-wata, amma tunda yarinyar da ke harkar yaɗa labarai ta yi aure ta koma Kaduna komai ya dawo kaina, kuma ko sisi ba a ƙara min ba, kuma ni ba jarida na karanta ba Hausa na yi a jami'a shi ya sa kowa a ofis yake ganin ai fassara ba komai ba ce a wajena. To za mu raba tallafin kuɗi ga waɗanda ambaliya ta shafa a Auyo da Kafin Hausa, iyali 1,200, kowanne naira 75,000. An rubuto sanarwar da Turanci shafi biyu, masu ba mu kuɗin sun sa mata hannu. Oga ya ce in mayar da ita Hausa a kai gidajen rediyon Dutse da Haɗeja, kuma ita ɗin dai a tura wa BBC Hausa da DW da RFI, ta Turancin kuma a tura wa irin su Reuters. Na fassara layi-layi, da na karanta wa mamana sai ta ce wai me ake so a ce ne. Ya zan yi?

Baba Edita:
Wa alaikumus salam 'yata. Mamanki ta gama miki aikin edita, ki gode mata. Abin da ke hannunki takarda ce ta karatu da ido, shi kuwa mai sauraron rediyo sau ɗaya maganar za ta wuce kunnensa, yana kan babur ko tana bakin murhu, ba damar komawa baya. Shafi biyu ba mai karanta miki shi cikin labarai. Ki ɗauko waya ki kunna agogo ki karanta da ƙarfi, duk abin da ya haura minti ɗaya ki san za a yanke shi, kuma wanda zai yanke bai san wane layi ne ya fi miki muhimmanci ba, gara ki yanke da hannunki.

Na tabbata ta Turancin ta fara da sunan ƙungiyarku da na masu ba da kuɗi da sunan shirin mai tsawon layi uku. Na rediyo kuwa da mutane ake farawa. Misali: "Iyalai dubu ɗaya da ɗari biyu da ambaliya ta shafa a ƙananan hukumomin Auyo da Kafin Hausa za su samu tallafin naira dubu saba'in da biyar kowannensu. Ƙungiya kaza ce ta sanar da haka yau a Dutse." Sai ranar rabo, sai yadda kuɗin zai isa hannunsu. Ki lura na rubuta lambobin da kalmomi, don mai karatu a sitidiyo idan ya ci karo da sifili da yawa nan yake tuntuɓe, miliyan ta koma biliyan a bakinsa kuma ta riga ta fita iska.

Ɗan Gumel:
Ni dai a sanina ba a taɓa takardar da masu ba da kuɗi suka sa wa hannu. Kalma da kalma ake yi, in ba haka ba ranar odit ke za ki yi bayani. Ki bar ta yadda kika yi kawai, su 'yan rediyo su gyara abinsu.

Ummu Sadiq:
Yauwa abin da nake tsoro kenan. Baba na ji maganarka amma ni ba ni da hurumin cire sakin layi, sunan masu tallafin dole ya fito a farko haka yake a yarjejeniya, kuma oga da kansa ya ce kar in canza komai. Kuma fassarar tawa ba wai ba daidai ba ce fa, na duba ƙamus sosai.

Baba Edita:
Ɗan Gumel ka yi rabin gaskiya. Abin da ba a taɓawa shi ne adadi da suna da rana da maganar da aka jingina wa mutum. Tsarin jimla kuwa ba wanda ya sa wa hannu. 'Yata ki ajiye cikakkiyar fassararki a fayil, ita ce ta ofis, ki fitar da gajeriya daga cikinta, sunan masu tallafin ya zo a jimla ta biyu, sannan ki mayar da gajeriyar Turanci ki tura wa oga ya gani da idonsa cewa ba a ƙara ba a rage ba. Aikin minti ashirin ne.

Sai abin da ba ki faɗa ba tun farko, labari kuke so a ɗauka ko sanarwa za ku biya? Ƙofa biyu ce daban a gidan rediyo. In kun biya a sashen talla za a karanta yadda kuka rubuta, da sunan kowa a inda kuke so. In ɗakin labarai kuka kai to edita ne mai iko, yana iya ɗauka yana iya ajiyewa.

Hajiya Mai Atamfa:
Don Allah ta ina ake rijistar? Ƙanwata na Auyo ruwa ya cinye mata gonar shinkafa kaf, ga marayu huɗu.

Ummu Sadiq:
Allah sarki Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Wallahi an riga an rufe, tun watan jiya aka tantance sunaye tare da masu unguwanni.

Baba Edita:
To kin gani ko. Wannan a cikinmu ma kenan. Shin a fassararki akwai layin da ya ce an gama tantancewa, ba a karɓar sabon suna, kuma ba a karɓar ko kwabo daga hannun kowa? Ta Turancin ba za ta faɗa ba don ɗan jaridar Landan bai da ƙanwa a Auyo. Amma in kika sake ta a rediyon Haɗeja ba wannan layin, washegari da asuba jama'a sun cika ƙofar gidan hakimi, wasu kuma sun fara sayar da fom na ƙarya. Wannan layin ya fi rabin takardar amfani.

Malama Rabi:
Ni abin da ya tsaya min tun ɗazu shi ne iyali 1,200 ɗin. Ki tabbata me aka ƙirga. In kika ce gidaje, gida ɗaya a ƙauye zai iya ɗaukar ɗakin tsoho da 'ya'yansa uku kowa da tukunyarsa, sai su ɗauka 75,000 ɗin ta gidan gaba ɗaya ce ko kuma kowa ya zo neman tasa. In kika ce magidanta kin fitar da zawarawa a kunnen mai ji, alhali ƙila su suka fi yawa a jerin. Iyalai ɗin ya fi. Kuma in za ki faɗi jimillar kuɗin ki buga da kanki, 1,200 sau 75,000 miliyan 90 ne, ki duba haka yake a ta Turancin, don wani lokaci sukan haɗa da kuɗin gudanarwa sai lambobin biyu su saɓa, ɗan jarida kuma nan zai kama.

Abu Fassara:
Hmm wannan harka. Ni shekara da shekaru ina yi wa ƙungiyoyi irin wannan, za su biya baturen da ya rubuta Turancin da dala, kai kuma a turo maka ƙarfe goma na dare a ce da safe ake so, in ka faɗi farashi a ce ai yarenku ne. Akwai wata har yau ina bin ta kuɗin shafi goma sha. 'Yar'uwa ki ce a biya ki daban kafin ki taɓa komai.

Ummu Sadiq:
Allah ya fitar maka da haƙƙinka, amma ni albashi nake ci ba zan iya wannan maganar yanzu ba. To na waje fa? Ni a tunanina tunda BBC Hausa da DW duk Hausa suke yi, in na tura musu fassarata ai na sauƙaƙa musu.

Baba Edita:
A'a. Su ba sa karanta takardar ƙungiya yadda ta zo, suna da masu fassararsu da salonsu, sashen Hausa na BBC tun 1957 yake wannan aikin. Ki tura musu ta Turancin, ki ɗora layi huɗu na Hausa a sama cikin jikin imel ɗin, da lambar wanda zai ɗaga waya ya yi magana da Hausa mai kyau. Murya suke nema. Kuma masu jinsu na Maraɗi da Damagaram da Kumasi da Garwa ba su san Auyo ba, dole ki ce jihar Jigawa a arewa maso yammacin Najeriya, a yankin kogin Haɗeja. Wanda kuwa ke Haɗeja in kika yi masa wannan bayanin ɓata masa lokaci kika yi.

Su kuma kamfanonin dillancin labarai, rabon tallafi kaɗai da wuya ya zama labari a wajensu. Abin da za su duba shi ne me kuka gani a ƙasa, gonaki nawa, mutum nawa suka bar gida, kuma wa ya ƙirga, ku ne ko hukumar agajin gaggawa ta jiha ko NEMA. A sa kuɗin da naira da dala, a faɗi farashin canjin ranar da aka yi amfani da shi.

Sannan maganar ogan naki da ke cikin alamar zancen wani. Da Turanci ya faɗe ta, in kika mayar Hausa kika bar alamar kin sa masa kalmomin da bai furta ba. Ko dai ya karanta ya amince, ko ki ɗauki muryarsa ta daƙiƙa ashirin a wuri mara hayaniya ki haɗa da takardar.

Malama Rabi:
Nan kam Baba ban bi ka duka ba. Wakilan kafafen nan da ke Kano da Dutse mutanenmu ne, in ka tura musu Hausa mai tsabta ta WhatsApp suna amfani da ita, ko ba komai sun ga yadda ake rubuta sunayen ƙauyuka daidai. Ni na ga an yi an dace.

Baba Edita:
Sunayen ƙauyuka na yarda. Sauran kuwa sake rubutawa za su yi.

Ummu Sadiq:
Matsalar oga ba ya jin Hausa sosai, ɗan kudu ne, to muryar wa zan ɗauka? Kuma in na sa mataimakinsa zai ji haushi don sunansa ne a takardar. Gaskiya ni dai ina ganin zan tura cikakkiyar ga kowa, sai in ƙara layin cewa an rufe rijista a ta rediyo, gajeriyar kuma in ya dawo daga Abuja na nuna masa.

Ɗan Gumel:
Ƙara layin ma ai canji ne, sai kin nemi izini.

Malama Rabi:
Yaushe ne rabon ma tukun? Kuma har yanzu ba ki ce biya za ku yi ko ɗakin labarai za ki kai ba.

Ummu Sadiq:
Alhamis ne, shi kuma sai Laraba da yamma zai dawo. Maganar biya bari in tambayi akanta da safe.