Abin da aka tattaro kan adalcin haraji da labulen Rawls

Tambayar ita ce: mai tallar kosai da dillalin shinkafa a kasuwar Birnin Kebbi, adalci ne su biya haraji ɗaya?

1. Mafi yawan waɗanda suka tattauna tambayar sun karɓi gwajin da masanin falsafa John Rawls ya kawo a 1971: ka tsara dokar kana bayan labule, ba ka san ko dillalin za ka zama ko mai kosan ba. Suka ce wanda bai san rabonsa ba ba zai zaɓi naira dubu a kan kowa ba, domin dubun rabin ribar mai kosai ce, dillali kuwa ko a jikinsa.

2. Rawls bai ce a daidaita dukiya ba. Ya yarda wani ya fi wani samu, muddin fifikon ya fi amfanar mafi ƙarancin samu. Don haka wasu suka ce in harajin ya yi nauyin da dillali zai rufe injin casarsa, leburori su rasa aiki, an saɓa wa ƙa'idar. Wannan ya gamsar da ni sosai.

3. A nan aka rabu: wasu sun ce guminsu nasu ne, wasu suka ce haihuwa a gidan wadata ba gumin kowa ba ne.