Daga hoton waya zuwa takardar jarrabawa: yaya kuke yi da makin da ya ɓalle daga tambayarsa?

Malama Rabi, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum. Wannan zangon ni aka ɗora wa haɗa takardun jarrabawa a makarantarmu, kuma ga inda na maƙale. Malamin Kimiyya na aji biyu na ƙaramar sakandare ya turo min hoton takardarsa ta WhatsApp, shafi biyu. Tsohuwar takarda ce da aka taɓa bugawa, ya bi ta da biro ya rubuta maki a gefen dama. Jarrabawar kan maki 60 ce: Sashen A tambaya 20 na zaɓi, maki ɗai-ɗai, Sashen B tambaya 5, maki bibbiyu, Sashen C tambaya 4, a amsa 3, kowacce maki goma.

Na ɗora hoton a Google Drive, na buɗe shi da Google Docs, rubutun kuwa ya fito ba laifi. Amma makin Sashen C ya bar tambayoyinsa ya taru can ƙasa a jere: 3 4 3 2 1 1 5 5 4. Da na haɗa sai na samu 28, alhali 40 ya kamata in gani. Malamin ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, ga shi Litinin za a kai firinta. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, ya kuka yi?

Baban Khalifa, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Malama. Shekara da shekaru ina buga wa makarantu takardu a shagona, kuma abin da kika gani kullum haka yake. Fili mai faɗin da ke tsakanin tambaya da makinta shi ke sa na'urar ta ɗauki gefen dama a matsayin wani rubutu dabam, sai ta gama da tambayoyi sannan ta zubo lambobin. Ni ba na ma duba su. Kalmomin tambaya kawai nake ɗauka, lambobin tambaya da maki kuwa da hannuna nake sa su ina kallon hoton.

Ki raba jerin nan naki bisa ƙananan tambayoyin da ke cikin kowace tambaya. In ta ɗaya tana da a, b, c, to 3, 4, 3 nata ne, goma cif. Ta uku 5 da 5, ita ma lafiya. Ta biyu ce ke da 2, 1, 1, wato huɗu, an rasa shida. Bambancin 1 da 7 kuwa shida ne, saboda haka ɗaya daga cikin ɗayoyin nan bakwai ce aka rubuta ba tare da an gitta mata sanda ba. Ta huɗu kuma 4 kaɗai ya fito, ina zaton sauran ya fita daga cikin hoton. Ki ja hoton ki ƙara masa girma ki dubi gefen ƙasa.

Malama Rabi

Allah ya saka da alheri Malam. Na duba, 2(b) ita ce a zana kuma a sanya sunayen sassa, 2(c) kuwa kalma ɗaya ake nema, don haka bakwan ta 2(b) ce. Kusurwar ƙasa kuma lallai a yanke take, babban yatsansa ma ya rufe wani wuri.

Abdul, Kawo

To ai an gama Hajiya. Goma a cire huɗu saura shida, ki sa 6 a gaban 4(b) ki wuce. Kuma gaba ki ce ya riƙa turo hoton a matsayin Document, ba ta wurin hotuna ba, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi. In hoto ya fito tar, komai na'urar za ta karanta daidai, har rubutun hannu.

Baban Khalifa

Abdul, maganar Document gaskiya ce. Na ƙara da cewa a shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga, a ɗauka daga sama tsaye, shafi ɗaya hoto ɗaya, kusurwa huɗun duk su fito. Amma "komai daidai" ban yarda ba. Hoto mai kyau ma yana mayar da x² ya koma x2, H₂O ya koma H20 da sifiri a madadin O. Irin wannan kuskuren ido ba ya kama shi da sauri, domin bai yi kama da kuskure ba.

Malam Nasiru, Rigasa

Ni Hausa nake koyarwa, kuma tawa matsalar ita ce ƙugiya. Duk inda na rubuta ƙ, ɗ ko ɓ, yawanci k, d, b nake samu. Akwai zangon da na tambayi yara bambancin ma'ana tsakanin "ƙafa" da "kafa", aka buga min duka biyun "kafa", ban gani ba sai a ɗakin jarrabawa da wata yarinya ta ɗaga hannu. Maki biyar ne a kan tambayar, dole na je allo na rubuta ta. Tun daga nan, in ina Word, sai in buga lambar harafin in danna Alt+X nan take:

```
U+0199 Alt+X  ƙ
U+0257 Alt+X  ɗ
U+0253 Alt+X  ɓ
```

Sannan nakan karanta takardar da babbar murya kafin in miƙa, domin baki yana kama abin da ido ya tsallake.

Maman Ilham, Barnawa

Ni dai Excel nake amfani da shi. Sunan yaro a hagu, makin gwaji, makin jarrabawa, sai jimla ta fito da kanta, har matsayin kowa a aji. In kina so in turo miki nawa.

Malama Rabi

Na gode Maman Ilham, zan buƙace shi lokacin haɗa sakamako. Yanzu dai takardar tambayoyin ce ba a kai ga bugawa ba.

Malama Asabe, Malali

'Yar uwa, bari in faɗa miki yadda nake jera tawa, don na sha wahala kafin in gane. Da farko da madannin tazara nake tura maki zuwa gefen dama. A kwamfutata sai ya yi kyau, amma da an buɗe a ta shagon firinta sai ki ga wani makin ya faɗo layi na gaba, wani ya tsaya a tsakiya. Yanzu abin da nake yi a Word, in zaɓi duk rubutun, in shiga Paragraph, in danna Tabs, in rubuta 15.9 cm, in zaɓi Right, in danna Set. Dalilin wannan adadin, faɗin takardar A4 santimita 21 ne, in aka bar 2.54 hagu da dama saura 15.92. Daga nan duk ƙarshen tambaya Tab ɗaya nake dannawa in rubuta [3 marks], ya je ya tsaya a bakin layi. In tambayar ta cika layinta har ba wuri, sai in danna Shift+Enter sannan Tab, makin ya sauka shi kaɗai a dama.

Kafin wannan ma, rubutun da kika kwaso daga Google Docs ki liƙa shi da Keep Text Only, in ba haka ba zai zo da girman haruffa iri-iri. Kuma za ki tarar kowane layin hoton ya zama sakin layi mai zaman kansa. Ana gyara shi da Ctrl+H, a nemi ^p a maye shi da tazara ɗaya. Sai dai ki zaɓi tambaya ɗaya tak kafin ki danna Replace All, in ya tambaye ki ko ya ci gaba da sauran takardar ki ce a'a. Na taɓa cewa e, tambaya arba'in suka haɗe suka zama dunƙule ɗaya. Ctrl+Z ne ya cece ni.

Baban Khalifa

Hanyar Malama Asabe tana da kyau, amma ni tebur na fi so: gida uku, lamba, tambaya, maki, sannan in ɓoye layukan da No Border. Ko a wace kwamfuta aka buɗe, maki yana nan kusa da tambayarsa. Lambobi kuma da hannu nake bugawa. Masu fitowa da kansu sun sha ba ni kunya, ka shiga Sashen B ka ga 21 alhali malami 1 ya rubuta.

Malama Asabe

Wannan ai danna dama ne a kan lambar, Malam, a zaɓi Restart at 1. Amfanin masu fitowa da kansu shi ne ranar da shugaban makaranta ya ce a cire tambaya ta 7, sauran su gyara kansu. Da hannu kuwa sai ka bi goma sha uku kana sauyawa. Abin da zan yarda da kai a kai shi ne (c): in mutum ya buga ta da hannu Word yakan mayar da ita ©, sai an danna Ctrl+Z nan take.

Abdul

Da tebur ai har jimla za a iya samu, =SUM(ABOVE) a gidan ƙarshe. In ta ba da 60 shi ke nan.

Malam Nasiru

A takardar Malama Rabi 70 za ta bayar, ba 60 ba, kuma hakan ne daidai. 20 da 10 da 40 ke rubuce, amma yaro 30 kaɗai zai iya samu a Sashen C tunda uku zai amsa. Shi ya sa nake rubuta kan sashe a cike, misali SECTION C: Answer any THREE questions (30 marks). Abin dubawa a irin wannan sashen shi ne kowace tambaya ta kai goma ita kaɗai. In ɗaya tara ce, an zalunci yaron da ya zaɓe ta tun kafin ya fara rubutu.

Game da 6 ɗin nan kuma, ni ba zan sa ba. Rabon maki haƙƙin wanda ya tsara tambaya ne, shi ke da takardar amsoshi. Ki bar wurin da alamar rawaya har ki same shi.

Baban Khalifa

Da gaskiyarka Malam Nasiru, amma mu a shago wani lokaci mutum yana tsaye a kanka, gobe jarrabawa, malamin ba ya samuwa. Nakan sa abin da lissafi ya nuna, in zagaye shi da biro a kwafin gwaji, in ce wa wanda ya kawo aikin ya sa hannu.

Malama Rabi

Alhamdu lillahi, malamin ya kira ni bayan la'asar daga wayar ƙaninsa. Bakwan 2(b) daidai ne. Amma tambaya ta huɗu ba shida ba ce: 4(b) maki 4 ce, kuma akwai 4(c) mai maki 2 da ya ƙara da biro a can ƙasan shafi, hoton bai kama ta ba sam. Ya karanto min ita na rubuta, na maimaita masa ya tabbatar. Na yi amfani da Tab ɗin Malama Asabe, na fitar da kwafi ɗaya, ina riƙe da waya a hannu ina bin sa layi-layi da biro.

Saura abu ɗaya. Shi ya fara kowane sashe daga 1, mataimakin shugabanmu kuma yana so lambobin su zarce daga 1 har 29, wai don kada yaro ya rubuta "2" a takardar amsa a rasa ta wane sashe yake nufi. In na sauya, takardar amsoshin malamin ba za ta dace da tawa ba. Ku a makarantunku wanne kuke bi?