Wace Hausa za mu ba "inkom ifek", "sabstitushan ifek" da "infiriya"?

Malamar sakandare, Katsina: Jama'a, ina neman taimako. Idan farashi ya sauka, masana tattalin arziki kan raba sakamakon gida biyu, inkom ifek da sabstitushan ifek. Na sa musu "tasirin kuɗin shiga" da "tasirin musanya". Kayan da ake kira infiriya kuma na ce "kaya marasa inganci". Me kuka gani?

Tsohon lakcara: Malama, musanya ta zauna. Kuɗin shiga kam zai rikita yara, domin albashin bai motsa ba. A ce magidanci na da ₦12,000 na hatsi a mako. Yana auno gero tiya 4 a ₦2,000, shinkafa tiya 1 a ₦4,000. Sai gero ya sauko ₦1,500. Awon da ya saba yanzu ₦10,000 ne, ya samu rarar ₦2,000 ba tare da wani ya ƙara masa sisi ba.

Ki karɓe rarar nan a zuci, ki bar shi da ₦10,000. Tunda gero ya ƙara araha a kan shinkafa, sai ya auni tiya 5, ya sayi shinkafar ₦2,500. Ƙarin tiya ɗayan nan shi ne musanya. Dabarar masanin tattalin arziki Slutsky ke nan ta 1915. Yanzu ki mayar masa da kuɗinsa. Abin da ya canja bayan haka zan kira shi "tasirin ƙarfin aljihu".

Mai awo, kasuwar Daura: To ai ƙara geron zai yi. Wa ke ƙin araha?

Tsohon lakcara: Alhaji, ya danganta da gidan. Inda ake cin tuwon gero don shinkafa ta gagara, yara na jin an samu rara sai su ce dafa-duka. Magidancin ya koma gero tiya 4 da rabi, ₦6,750, sauran ₦5,250 ya tafi shinkafa. Musanya ta ƙara tiya guda, aljihu ya janye rabi. A kayan da aka fi saye in an samu, tasirin biyu hanya ɗaya suke bi. A nan kuwa ja-in-ja suke, kuma in aljihu ya rinjaya, an shiga kayan Giffen, inda araha ke rage ciniki.

Wata uwa, Daura: Ni dai ban yarda a ce gero ba shi da inganci ba. Da me ake fura? Masu kuɗi ma sun fi mu sha.

Malamar sakandare: Hajiya ta kashe "marasa inganci". Ashe ba lafiyar hatsin ake dubawa ba, abin da mai saye ke yi in ya samu sarari ake dubawa. "Kayan maleji" fa?

Mai awo: Shi muke faɗi a kasuwa, kowa zai gane.

Tsohon lakcara: Zai yi a aji. Damuwata, maleji na iya nufin sayen ɗan kaɗan na kowane irin kaya, har nama. Na fi son "kayan rashi", waɗanda ake ragewa in samu ya zo. Ki gwada duka biyun a kan ɗalibanki, Malama, ki tambaye su ina za su sa garin kwaki, ina kuma geron fura.